Hotunan da na cire wa baya sun zauna a kan fosta kamar an liƙa su da gam, ina matsalar take?

Ummu_Zane: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa fostar wani taro a Canva, mutum uku ne za su yi jawabi. Girman da na ɗauka 1080 x 1350. Bangon na yi shi da kala biyu masu narkewa cikin juna, shuɗi mai duhu a sama, shunayya a ƙasa, sannan na ɗora masa ɗan kaushi irin na takarda. Na cire bayan hotunan da BG Remover na jera su. Bangon shi kaɗai ya yi kyau, hotunan ma su kaɗai ba laifi, amma da na haɗa sai ka ce da almakashi na yanko su na liƙa da gam. Ga wani farin layi a gefen kan mutum ɗaya. Kuma da na tura wa masu taron ta waya, sai bangon ya fito layi-layi. Me nake yi ba daidai ba?

Sarkin_Fosta: Wa alaikumus salam. Ki sa musu inuwa kawai. Danna hoton, Edit, Shadows, ki zaɓi Drop. Shi ke nan.

Ummu_Zane: Na sa Malam. Sai ma abin ya ƙara muni, kamar suna shawagi a sama.

Baban_Hanif: Kafin kowa ya ba da magani, Hajiya ki faɗa mana abu uku. A ina aka ɗauki kowane hoto, cikin ɗaki ko a waje? Ta wane gefe haske ya bugi fuskar kowa? Sannan kaushin nan da kika ɗora, yana ƙarƙashin mutanen ne ko a samansu?

Ummu_Zane: Na farko a situdiyo aka ɗauka, bayansa farin kyalle ne, shi ne mai farin layin. Ta biyu a waje cikin rana, hasken daga dama. Na uku a ofis, fuskarsa ta yi ja-ja saboda ƙwan lantarki, kuma hotonsa ƙarami ne. Kaushin yana ƙasa, a kan bango kaɗai.

Baban_Hanif: To ai kin amsa tambayarki da kanki. Ido yana gane liƙi ne idan abubuwan da ke cikin hoto ɗaya ba su yi tarayya a komai ba. Mutanenki uku kowa da haskensa, bangon kuma da nasa, sannan bangon yana da kaushi su kuwa sumul. Inuwa ba za ta gyara wannan ba. Drop ma aikinta ta nuna cewa abu ya ɗago daga takarda, shi ya sa kika ga suna shawagi.

Ki fara da kaushin, domin shi ya fi sauƙi kuma shi ya fi canza fostar. Danna Position, ki shiga Layers, ki ja kaushin ki kai shi saman hotunan uku amma ƙasan rubutu. Ki rage Transparency ɗinsa sosai, ni nakan fara daga 12 ko 15 in duba. Da zarar tsaki-tsakin ya hau kan rigunansu da bangon a lokaci guda, ido zai ɗauka abu ɗaya ne. Sai dai ki kulle shi da Lock, in ba haka ba duk lokacin da kika kai hannu za ki taɓa hoto, shi za ki riƙa kamawa. Hotunan da ke ƙarƙashinsa kuma ta cikin Layers za ki riƙa zaɓar su.

Deeja_Kala: Yaya Baban Hanif ban yarda da sa kaushi a kan fuska ba. Na taɓa yi wa wata mai jawabi haka, ta ce na sa fuskarta ta yi kamar mai ƙuraje. Dole na sake.

Baban_Hanif: Wane irin kaushi kika sa mata?

Deeja_Kala: Irin na takardar da aka cukuikuye.

Baban_Hanif: Ai dole ta yi ƙorafi. Wannan yana da manyan layuka da tabo, in ya ratsa kumatu sai ya zama kamar tabon fata. Irinsa a bar shi a bango. Wanda nake nufi shi ne mai ƙananan ɗigo daidai wa daida, ki rubuta grain ko noise a Elements. Ana iya amfani da biyun: takardar a ƙasa, ɗigon a sama.

Deeja_Kala: Ko ɗigon ne ni dai a fuskar mace ba na sawa. Kowa da hannunsa.

Abba_Giraf: Ni tambayata daban. Ta yaya kuke cire bayan ma tukuna? Nawa in na danna sai ya nuna min kambi.

Sarkin_Fosta: Kambin yana nufin na Pro ne, wato Canva na biya. In ba ka da shi, akwai remove.bg, wanda kamfanin Canva ɗin ne ma ya saye shi a 2021. Amma na kyautan ƙaramin hoto yake ba ka, kamar 600 da 'yan kai a faɗi. Na waya zai ɗan wuce, na bugawa a takarda kuwa kar ka soma. In kana da iPhone XS, XR ko wadda ta biyo bayansu, mai iOS 16 ko sama, ka danne mutumin a cikin hoton na ɗan lokaci zai ɗago maka shi ba baya.

Abba_Giraf: Na gode. Na ɗauka wayata ce ta lalace wallahi.

Malama_Rabi: Mu koma kan farin layin, don ba wanda ya taɓa shi. Wannan ba inuwa ba ce kuma ba kuskurenki ba ne. A gefen kai da kafaɗa akwai fiksel ɗin da rabinsu mutum rabinsu kyallen baya. In aka cire bayan, su sukan rage, kuma da yake kyallen fari ne sai su yi haske a kan bango mai duhu. Da bangonki fari ne ko ruwan madara ba za ki ma gan su ba.

Hanya biyu ce. Ta farko ki sake shiga BG Remover, akwai Erase da Restore. Ki ƙara girman shafin sosai, ki ƙanƙanta buroshin, ki bi gefen a hankali kina cinye ɗan siririn layin. A kafaɗa da hula wannan yana yi. A gashi ko gemu kuwa in kika matsa sai kan ya koma kamar an aske shi da reza, wanda ya fi farin layin muni. Ta biyu, ki daina faɗa da layin, ki kawo haske bayansa. Ki sa da'ira a bayan kan mutumin, ki ba ta Gradient mai fitowa daga tsakiya, tsakiyar kala mai haske, gefen kuma ki mayar da shi Transparency 0. Idan abin da ke bayan kai ya yi haske, farin layin sai ya narke a ciki.

Ummu_Zane: Malama ban san ana iya rage Transparency na kala ɗaya a cikin Gradient ba.

Malama_Rabi: Ana yi. Ki danna kalar ita kanta a cikin Gradient ɗin, za ki ga wurin ja a ƙasan inda ake zaɓar kala. Ki riƙe wannan dabarar, za ki buƙace ta a ƙasan hotunan ma.

Sarkin_Fosta: Duk wannan wahala ce. Ni Outline nake sawa, fari, mai kauri. Yana rufe duk wani datti na gefe, kuma yanzu shi ake yayi.

Malama_Rabi: Yana rufewa, gaskiya ne. Amma shi yana cewa ne ƙarara "liƙa ni aka yi". In taron na matasa ne ko na wasa, ya dace, har ma ya fi. Ita kuwa tambayarta yadda za ta kauce wa kamannin liƙi ne.

Sarkin_Fosta: To ai in ba za ka iya ɓoye abu ba gara ka nuna da gangan ka yi.

Ummu_Zane: Taron na manya ne Malam, ba na jin za su so a zagaye su da farin layi. Amma zan ajiye shawarar don wani aikin.

Nura_Firinta: Ku dakata, bugawa za a yi ko a waya kaɗai za ta tsaya? Don in bugawa ce 1080 x 1350 ba zai kai ku ko'ina ba.

Ummu_Zane: A waya ne tukuna, amma sun ce mai yiwuwa su buga kaɗan a A5.

Nura_Firinta: "Mai yiwuwa" ɗin nan shi ke kashe mu. A5 milimita 148 ne a 210. In ana son ta fito tsaf a ɗigo 300 kowane inci, ana buƙatar fiksel 1748 x 2480. Kin ga naki bai kai ba, kuma siffar ma ba ɗaya ba ce, A5 ta fi tsawo. Ki buɗe wani shafin daban na A5 tun yanzu. Ki shiga File, Settings, ki kunna Show print bleed, ki ja bangon da kaushin su wuce gefen takarda har cikin wannan ƙarin, kusan milimita 3 ne. In ba ki yi ba, wuƙar yanka ta ɗan kauce kaɗan sai farin layi ya fito a gefe, kuma a bango mai duhu ba ya ɓoyuwa. Wajen saukewa PDF Print, ki sa alama a Crop marks and bleed.

Abu na biyu, shuɗi mai duhu da shunayya su ne suka fi ba mutane kunya a takarda. A waya haske ne ke fitowa daga bayan gilashi, a takarda tawada ce. Shunayyar nan mai ƙyalli za ta dushe, duhun kuma ya ƙara duhu.

Deeja_Kala: Shi ya sa ake zaɓar CMYK, wato tsarin kalar tawadar bugawa, wajen saukewa, sai kalar ta fito yadda take.

Nura_Firinta: A'a Anti Deeja. CMYK ba ya dawo da ƙyallin, yana dai nuna miki tun da wuri abin da za ki rasa. Akwai kalolin da allo ke iya nunawa tawada huɗu ba ta iyawa, ko me aka danna. Ki tambayi mai bugawar wanne yake so, wasu sun fi son a ba su RGB, wato kalar allo, su juya da kansu. Kuma a buga guda ɗaya a gani kafin a saki sauran.

Baban_Hanif: Nura ya yi gaskiya, amma bari mu gama da na waya tukuna. Maganar layi-layin bango. Hajiya turo mana lambobin kalolin biyu.

Ummu_Zane: Sama #14103C, ƙasa #2A1458.

Baban_Hanif: Yawwa. Kowace kala a allo haɗin ja da kore da shuɗi ce, kowanne yana da mataki 256. A naki, ja ya tashi daga 20 zuwa 42, kore daga 16 zuwa 20, shuɗi daga 60 zuwa 88. Wato shuɗin mataki 28 kawai zai taka a tsawon fiksel 1350, kowane mataki ya shimfiɗu kusan fiksel 48. Koren ma mataki 4 ne kacal a duk tsawon fostar. A ainihin fayil ɗin da ƙyar ido zai kama wannan. Amma manhajojin hira suna matse hoto kafin su aika, kuma wuri mai duhu mai santsi shi suka fi yi wa rowa, sai su haɗe matakai da yawa su zama faffaɗan layi ɗaya. Abin da masu taron suka gani ke nan.

Maganin shi ne ki buɗa tazarar kalolin. Ki bar saman yadda yake, ƙasan ko tsakiyar ki kai shi wani abu mai haske sosai. Ɗigon da na ce ki sa shi ma yana taimakawa, don yana farfasa iyakar da ke tsakanin mataki da mataki.

Abba_Giraf: Ni kuwa na ɗauka kaushin ne ke jawo layin. Duk fostar da na sa wa kaushi in na tura sai ta dagule.

Baban_Hanif: Naka wata cutar ce daban. In ɗigon ya yi yawa, matsewar ba ta iya riƙe shi, sai ya koma dabbare-dabbare, har ƙananan rubutu su shafu. Kaɗan yana gyara, da yawa yana ɓatawa. Hanyar ganewa ɗaya ce: ka sauke, ka tura wa kanka, ka buɗe a waya. Kar ka yanke hukunci da abin da kake gani a cikin Canva.

Malama_Rabi: Kuma masu taron ki tura musu PNG a matsayin Document, ba a matsayin hoto ba, don ya isa yadda yake. Sai dai ki sani su in za su yaɗa, a matsayin hoto za su yaɗa. Don haka dole fostar ta iya jure matsewa.

Hafsy_22: Sannunku. Don Allah ni ma ina da taro, amma so nake hoton ya shiga cikin da'ira. Na cire bayan na ja shi ciki sai kan ya yanke.

Sarkin_Fosta: Wannan Frame ne, ba shi ake magana ba. Danna hoton sau biyu ki ja shi ƙasa. In kina son kan ya leƙo waje, kar ki sa shi a Frame ɗin, ki ajiye da'irar a baya ki ɗora mutumin a kai.

Hafsy_22: To ƙasan jikin fa? Zai fito waje ai.

Sarkin_Fosta: Kwafi biyu. Ɗaya a cikin Frame, ɗaya a sama daidai kansa, ki yanke na saman ya rage daga kafaɗa zuwa kai. Sai an yi haƙuri wajen daidaita su.

Ummu_Zane: Na dawo. Na kai ɗigon sama a 14, na sa haske a bayan kawunansu, farin layin kusan ya ɓace. Amma har yanzu mutum na uku ja ne, ta biyun kuma ta fi kowa haske. Ga shi duk an yanke su a ciki, layin yankan yana nan a miƙe.

Malama_Rabi: Layin yankan shi ne inda na ce za ki buƙaci dabarar nan. Ki ɗauko murabba'i, ki shimfiɗa shi daga gefe zuwa gefe, ya rufe daga ƙirjinsu zuwa ƙasan fostar. Ki ba shi Gradient daga sama zuwa ƙasa, kala ɗaya a duka wuraren biyu, wato kalar ƙasan bangonki, amma ta saman ki kai ta 0. Ki ajiye shi saman hotuna, ƙasan ɗigo. Jikinsu zai nutse a cikin bangon a hankali, kuma kin samu wuri mai tsabta na rubuta rana da lokaci da wurin taro. Kuskuren da ake yi shi ne a sa baƙi ko fari a wurin da za a mayar 0, sai tsakiyar ta yi toka-toka kamar datti.

Baban_Hanif: Kalar fata kuma, ki zaɓi mutum ɗaya ya zama ma'auni, ni da na situdiyon zan ɗauka. Na ofis ɗin ki shiga Edit, Adjust, ki ja Temperature zuwa ɓangaren shuɗi kaɗan-kaɗan, ki ɗan rage Saturation. Kar ki kalli fuskar wajen aunawa, ki kalli wani abu da kika san fari ne, kamar wuyan riga ko farin ido. In ya daina ja ya zama fari, ki tsaya. Ta cikin ranar kuma Highlights za ki rage, ba Brightness ba. Brightness zai dusar da ita gaba ɗaya, alhali goshi da kumatu ne kawai suka ƙone.

Sannan da yake haskenta daga dama yake kuma shi ya fi ƙarfi, ki bar ɓangaren bangon da ya fi haske ya kasance a dama. Akwai salon Gradient mai tafiya a karkace, shi za ki ɗauka.

Deeja_Kala: Ko ta yi Flip ɗin hoton kawai hasken ya koma inda take so.

Malama_Rabi: In babu rubutu ko tambari a rigar. Na ga fostar da sunan ƙungiya ya fito a juye a ƙirjin mai jawabi. Kuma wasu suna gane fuskarsu in an juya ta, ba sa so.

Nura_Firinta: Ba wanda ya tambayi girman hoton na ukun. Ta ce ƙarami ne.

Ummu_Zane: 480 x 640 ne. Shi kansa mutumin bai cika hoton ba.

Nura_Firinta: To in mutumin ya kai fiksel 400 a tsawo, ke kuma kina son ya cika kamar 800 a fostar waya, kin ninka shi biyu. A A5 kuwa sai ya haura ninki uku. Zai yi laushi kusa da na situdiyon, kuma ba Adjust ɗin da zai gyara. Ki roƙe su ainihin hoton.

Ummu_Zane: Na roƙa, sun ce shi ke nan gare su.

Sarkin_Fosta: Ki mayar da su duka baƙi da fari. Matsalar ja ta tafi, matsalar rana ta tafi, laushin ma ba ya fitowa sosai, musamman da ɗigo a kai. A kan shunayya ma kyau yake yi.

Baban_Hanif: Wannan karon ina bayan Sarki. Saturation zuwa ƙarshen hagu a duka ukun, sai a daidaita Contrast.

Deeja_Kala: Ku dai tambayi masu taron. Akwai wanda in ya ga hotonsa ba kala sai ya ce an yi masa fostar ta'aziyya.

Malama_Rabi: In ba su yarda ba, ki canza jerin. Mai hoto mafi kyau a tsakiya, babba, a gaba. Sauran biyun a bayansa hagu da dama, ƙanana kaɗan, kafaɗunsu sun ɗan shige bayan nasa. Ƙaramin hoton ba sai an ja shi da yawa ba ke nan. Ki kunna ma'auni da Shift+R ki jawo layi, idanun na gefe biyun su zauna a kansa, kuma ki auna su da girman kai, ba da faɗin jiki ba. A nan ne kaɗai zan sa inuwa: a na tsakiyar, mai laushi, Distance kaɗan, don ta raba shi da na bayansa.

Abba_Giraf: To in wanda hotonsa ya fi muni shi ne babban baƙo fa?

Ummu_Zane: Abba kamar ka sani. Shi ne babban baƙon, kuma sun ce lallai shi ne a tsakiya.

Nura_Firinta: To a je a ɗauke shi sabon hoto da waya, kusa da taga, bayansa bango mara tarkace. Minti biyu ne.

Ummu_Zane: Ba ya kusa, sai ranar taron zai iso. Zan haɗa guda biyu, mai kala da baƙi da fari, in tura musu su zaɓa. Malama, murabba'in nan na ƙasa, in na karkata hasken bangon zuwa dama, kalar ƙasan ba za ta zama ɗaya daga hagu zuwa dama ba. Wacce zan ɗauka?

Malama_Rabi: Ɗauki mai duhun, rubutu fari zai fi fitowa a kanta. Ki bar ƙasan murabba'in a 100 don ya rufe bambancin gaba ɗaya. In kin ga gaɓa a inda ya fara, ki ƙara masa tsawo zuwa sama.

Hafsy_22: Nawa kan ya leƙo amma kunnen ya zama biyu.

Sarkin_Fosta: Kwafin na sama ya goce. Ki rage Transparency ɗinsa zuwa 50 ki daidaita da maɓallan kibiya, sannan ki mayar 100.